BAYANI DALLA-DALLA: Sun ce "za mu tuntuɓe ka" sun kashe waya. Ga yadda ake rubuta saƙon bibiya

Akwai jimla guda da ta fi kowace yawan rufe tantancewar neman aiki ta wayar tarho: "Mun gode, za mu tuntuɓe ka." Jimla ce mai daɗin ji, amma babu rana a cikinta, babu sunan wanda zai tuntuɓa, babu kuma bayanin abin da za a tuntuɓi mutum a kansa. Mai neman aiki yakan ajiye waya yana murna, sai bayan kwana uku ya lura cewa bai san ko gwajin rubutu ke gaba ba, ko ganawa da kwamiti, ko kuwa an riga an tsallake sunansa.

Wannan duhun yana da tsada. Wani ya ƙi karɓar ƙaramin aikin da ke hannu saboda yana jiran babba. Wata ta ɗage tafiya, ko ta daina aika takardu zuwa wasu wurare. Wani kuma, wanda ya fi kowa asara, ya ci gaba da jira har ranar da mai kiran ya dawo da buƙatar "kuɗin fom", ya biya saboda ya riga ya sa rai.

Maganin wannan duhu gajeren saƙon imel ne, kuma aikinsa ɗaya ne tak: ya sa a mayar da alkawarin baki ya zama rubutaccen bayani mai ɗauke da mataki da rana. Godiya da nuna sha'awar aiki suna da wurinsu a ciki, amma rakiya suka yi. Wanda ya fahimci haka zai san lokacin da zai aika, abin da zai rubuta, da yadda zai karanta amsar da ta zo ko shirun da ya biyo baya.

Abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren

Tantancewa ta waya ita ce rariyar farko. Yawanci ba ta wuce minti goma sha biyar zuwa talatin, kuma ana yin ta ne domin a tabbatar da abubuwa kaɗan: cewa abin da ke cikin takardar tarihin karatu da aikin mutum gaskiya ne, cewa albashin da yake nema bai zarce abin da aka ware ba, cewa zai iya zama a garin da aikin yake, da kuma ranar da zai iya farawa. Abin da masu neman aiki da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya kira su a wannan mataki ba shi ne ke yanke hukunci ba. Shi dai yana rubuta taƙaitaccen bayani a kan kowa, ya miƙa wa shugaban sashen da ke buƙatar ma'aikacin, shi kuma ya zaɓi waɗanda za a gayyata.

Saboda haka idan mai kiran bai faɗi mataki na gaba ba, sau da yawa shi ma bai sani ba ne. Ƙila akwai sauran mutane goma da bai kira ba. Ƙila shugaban sashen ya tafi aikin fili. Ƙila ba a gama amincewa da kasafin kujerar ba.

Yana da kyau kuma a san wane irin mai kira ne. Akwai jami'in sashen kula da ma'aikata na ita kanta ma'aikatar, wanda ke zaune ofis ɗaya da masu yanke hukunci, kuma zai iya leƙawa ya tambaya. Akwai kuma jami'in kamfanin dillancin ma'aikata, wanda aka ba kwangilar nemo mutane. Shi wannan na biyun a waje yake, jira yake yi kamar yadda kake yi. Sai dai a tsarin da ya fi yawa, ma'aikatar ce ke biyan kamfaninsa idan an ɗauki wanda ya kawo, don haka yana da moriya a cikin nasararka. Tambayar da za ka yi wa na farko ita ce yaushe za a yanke hukunci. Ta na biyu kuwa tana da ƙari: shin an riga an miƙa takarduna ga ma'aikatar, kuma yaushe suka ce za su ba da amsa?

Kunya da tsoron naci

Mafi yawan waɗanda ba sa aika wannan saƙo ba lalaci ne ya hana su ba. Tarbiyyarmu ta koya mana kawaici, ta koya mana cewa mai nema ba ya matsa wa wanda yake nema a wurinsa. Sai mutum ya ga kamar tambayar "yaushe" rashin ladabi ce, ko za ta sa a ɗauke shi mayunwaci.

A ofishin ɗaukar ma'aikata ba haka ake kallon abin ba. Jami'in da ke riƙe da guraben aiki biyar ko shida a lokaci ɗaya ya saba da irin wannan saƙo, kuma tambaya ɗaya bayyananniya ta fi masa sauƙi a kan kiran waya sau huɗu ana gaisuwa ba a faɗi buƙata ba. Abin da ke ɓata wa mutum suna shi ne yawan saƙonni a jere, da kira da daddare, da tsallake jami'in a rubuta wa shugaban ma'aikata kai tsaye, da turo wani babba ya sa baki. Saƙo guda mai tsari ba ya cikin waɗannan. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Misali daga farko har ƙarshe

Mu ƙaddara wata matashiya ce da ta kammala hidimar ƙasa, ta nemi aikin jami'ar sa ido da tantance ayyuka a wata ƙungiyar agaji da ke da ofis a Maiduguri. Ranar Talata da rana wata jami'a ta kira ta daga wani kamfanin dillancin ma'aikata a Abuja. Sun yi minti ashirin. An tambaye ta ko ta iya tattara bayanai da manhajar KoboToolbox, ta ce ta yi amfani da ita a wani binciken gidaje lokacin hidimar ƙasa. An tambaye ta ko za ta iya zuwa Monguno ko Dikwa idan aiki ya kama, ta ce za ta iya. An tambayi takardar shaidar kammala hidimar ƙasa, ta ce tana da ita amma ba ta haɗa da takardun da ta aika ba. Daga nan jami'ar ta yi godiya, ta ce za a tuntuɓe ta.

Abu na farko da ya kamata ta yi, kafin ma ta buɗe imel, shi ne ta ɗauki biro ta rubuta abin da ta tuna tun yana da zafi: cikakken sunan jami'ar, sunan kamfaninta, sunan kujerar kamar yadda yake a tallar, lambar shaidar gurbin idan akwai, adadin albashin da ta ambata, da duk abin da ta yi alkawarin aikawa. Bayan mako guda waɗannan sukan cakuɗe da na wata tantancewar, kuma babu abin kunya kamar a rubuta wa jami'i da sunan kujerar da ba ita ya kira a kanta ba.

Abu na biyu shi ne adireshin da za ta aika. Idan an gayyace ta zuwa tantancewar ta imel, to ta koma kan wannan saƙon ta latsa Reply. Hakan yana sa tarihin maganar ya kasance wuri ɗaya, jami'ar ba sai ta yi bincike ba kafin ta tuna ko wace ce, kuma saƙon ba ya cika faɗawa cikin akwatin Spam. Amma ta fara duba adireshin. Idan ya fara da `no-reply@` ko `noreply@`, manhajar tattara takardu ce ta aiko shi, babu mutum a bayansa, kuma amsa ba za ta isa ga kowa ba. A nan sai ta duba ƙasan saƙon ko cikin tallar aikin ko akwai adireshin mutum. Idan babu, ta tura gajeren saƙon tes zuwa lambar da ta kira ta, a cikin lokacin aiki, ta faɗi sunanta da kujerar, ta nemi adireshin imel da za ta aika da takardar da aka tambaya. Wannan dalili ne karɓaɓɓe, kuma ba ya kama da naci.

Abu na uku shi ne lokaci. Saƙon farko ya fita cikin awa ashirin da huɗu, lokacin da jami'ar ke tune da muryarta kuma ƙila ba ta gama rubuta bayaninta ba. Tunda Talata aka yi magana, safiyar Laraba tsakanin ƙarfe tara da goma sha ɗaya ta dace. Idan da daddare ta rubuta, ko tana tsoron matsalar wuta da sabis da safe, Gmail yana da zaɓin Schedule send a jikin maɓallin aikawa, wanda zai riƙe saƙon ya sake shi a lokacin da ta zaɓa.

Yadda saƙon zai kasance

A yawancin ma'aikatun Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, a Nijar kuma da Faransanci. An kawo ta nan da Hausa ne domin a ga ƙashin bayanta, wanda ba ya canzawa ko da wane harshe aka rubuta. Idan amsa ce ga saƙon gayyata, a bar taken yadda yake. Idan sabon saƙo ne, taken ya ƙunshi sunan kujerar, sunan mai rubutu da kalmar bibiya.

"Malama Wance, barka da safiya.

Na gode da lokacin da kika ba ni jiya Talata a kan gurbin jami'ar sa ido da tantance ayyuka na ofishin Maiduguri. Bayanin da kika yi game da tafiye-tafiye zuwa Monguno da Dikwa ya ƙara tabbatar mini cewa aiki ne da zan iya, kuma ina son sa.

Ga takardar shaidar kammala hidimar ƙasa da kika tambaya, na haɗa ta da wannan saƙo.

Ba mu samu damar tattauna abin da ke gaba ba. Don Allah ko za ki sanar da ni mataki na gaba, da kuma lokacin da kike sa ran ƙungiyar za ta fitar da sunayen waɗanda za ta gayyata? Idan ba a tsayar da rana ba tukuna, ko ƙiyasi ma zai taimaka mini wajen tsara lokacina.

Na gode."

Sai cikakken suna da lambar waya a ƙasa.

Kowane sashe a nan yana da aikin da yake yi. Jimlar farko ta ɗauke wa jami'ar wahalar tunani, domin ta faɗi rana da kujera da gari. Ambaton Monguno da Dikwa ya nuna cewa saƙon na wannan tattaunawar ne, ba wanda ake kwafa ana tura wa kowa ba. Takardar da aka haɗa ta cika alkawari, ta kuma bai wa jami'ar dalilin buɗe fayil ɗin matashiyar. A ba takardar suna mai ma'ana, mai ɗauke da sunan mai ita, a kuma aika ta a tsarin PDF maimakon hoton waya mai duhu.

Sashe na uku shi ne zuciyar saƙon. A lura da yadda aka ce "ba mu samu damar tattaunawa ba", ba a ce "ba ki faɗa mini ba". Na farkon bai ɗora wa kowa laifi ba. A lura kuma da cewa tambayar tana neman abu biyu da za a iya amsawa a layi ɗaya: mataki da lokaci. Tambaya irin "ko akwai wani labari?" ba ta tilasta komai, amsarta ita ce "tukuna", mutum ya koma inda ya fito. Jimlar ƙarshe ta buɗe wa jami'ar ƙofa ko da ba ta da tabbas. Jami'ai da yawa suna yin shiru ne saboda ba sa son su faɗi ranar da ba za su iya cikawa ba, kuma idan aka nuna musu ƙiyasi ya isa, sukan saki jiki su faɗi abin da suka sani.

Akwai abubuwan da aka bari a waje da gangan. Babu doguwar gaisuwa da tambayar iyali, domin ba a saba ba. Babu labarin halin da gida ke ciki ko shekarun da aka yi ba aiki, domin jami'ar ba ta da ikon ɗauka saboda tausayi, kuma irin wannan bayani yana raunana mutum idan an zo cinikin albashi. Ba a sake jera digiri da kwasa-kwasai ba, tunda suna cikin takardun. Ba a tayar da maganar albashi ba. Gyara ɗaya ne ya halatta: idan mutum ya faɗi abin da ba daidai ba a waya, misali ya ce zai iya farawa nan take alhali sai ya ba wurin aikinsa na yanzu sanarwar wata guda, to ya gyara a jimla ɗaya ba tare da dogon ban haƙuri ba.

Idan amsa ba ta zo ba

Ƙa'idar jira tana da fuska biyu. Idan an ba da rana, a bari ranar ta wuce, a ƙara kwana ɗaya ko biyu na aiki, sannan a rubuta. Idan ba a ba da rana ba, a ƙirga kwana biyar na aiki daga saƙon farko. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, haka ma ranakun hutun gwamnati. A misalinmu, saƙo ya fita Laraba, don haka Alhamis, Juma'a, Litinin, Talata da Laraba su ne kwanakin biyar, saƙo na biyu kuma ya fita safiyar Alhamis. Idan hutun Sallah ko na Kirsimeti ya ratsa, a ƙara haƙuri, domin kwamitoci ba sa cika zama a makon da ke kewaye da su. Yammacin Juma'a ma ba lokacin aikawa ba ne, saƙon zai kwana uku a ƙarƙashin wasu.

Saƙo na biyu ya fi na farko gajarta, kuma a kan zaren farko ake ɗora shi. Jimla uku sun isa: ina bibiyar saƙona na ranar Laraba game da wannan gurbi, har yanzu ina da sha'awar aikin, ko an samu ƙarin bayani kan lokacin mataki na gaba? Kada a saka ƙorafi a ciki, ko da a fakaice.

Idan wannan ma ya wuce shiru, a bar mako ɗaya zuwa biyu, sannan a aika na uku, wanda shi ne na ƙarshe. A cikinsa mutum ya ce ya fahimci ƙila an ci gaba da wasu ko an dakatar da gurbin, zai yi farin ciki idan an tabbatar masa, kuma yana so a tuna da shi idan makamancin aikin ya fito. Daga nan sai a rufe littafin. Saƙo na huɗu ba ya samo abin da uku suka kasa samowa.

Hali ɗaya ne ke rushe wannan jadawali, wato idan wata ma'aikata ta yi wa mutum tayin aiki ta kuma ba shi wa'adi. A nan ba a jiran kwana biyar. A rubuta a ranar, a faɗi cewa an samu wani tayi da dole a amsa kafin rana kaza, amma an fi son wannan aikin, shin akwai yiwuwar a san matsayi kafin lokacin? Wannan bayani yana da amfani ga jami'in, domin shi ne makamin da zai je da shi wurin masu yanke hukunci ya ce su hanzarta. Sharaɗin kawai shi ne tayin ya kasance na gaskiya. Wanda ya ƙirƙira zai iya samun amsar "Allah ya sa alheri, ka karɓi wancan", ya tashi a tutar babu.

Karanta amsar da ta zo

Amsa mafi kyau ita ce mai mataki da rana, misali gwajin rubutu a mako mai zuwa. A amsa da jimla ɗaya ta godiya da tabbatarwa, a kuma tambayi tsawon gwajin da yadda za a yi shi idan ba a faɗa ba.

Amsa ta biyu ita ce "har yanzu muna dubawa". Ba ta nufin e, ba ta nufin a'a. Abin yi shi ne mutum ya sa ranar da kansa: na gode, zan sake tuntuɓa ranar kaza idan ban ji komai ba. Ta haka saƙo na gaba ya zama cika alkawari.

Amsa ta uku ita ce an dakatar da gurbin. A fagen ƙungiyoyin agaji wannan ba baƙon abu ba ne, domin akan tallata kujera tun kafin mai ba da tallafi ya sa hannu a kan kuɗin, kuma wasu tallace-tallacen sukan faɗi hakan a ƙasa da ƙananan haruffa. Lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, ayyuka da dama a Arewa maso Gabas sun tsaya cak, har waɗanda ke kan aiki ma abin ya shafa, balle waɗanda ke jiran kira. A irin wannan hali jinkirin ba shi da alaƙa da ƙwarewar mai nema. Tambaya ɗaya ta rage masa: idan an sake buɗe gurbin, za a ci gaba daga inda aka tsaya ne ko sai an sake nema?

Amsa ta huɗu ita ce ba a zaɓe ka ba. Tana da ɗaci, amma ta fi jiran gawon shanu. A yi godiya a taƙaice, musamman ga jami'in kamfanin dillanci, wanda gobe zai riƙe wani gurbin.

Lokacin da saƙon ya tona asiri

Akwai amsa ta biyar, kuma saboda ita kaɗai ma ya cancanci a riƙa rubuta wannan saƙo. Masu damfarar masu neman aiki sun koyi kwaikwayon tantancewa ta waya, kuma barin mataki na gaba a duhu yana cikin dabararsu, domin sai rai ya kwanta a kan aikin sannan buƙatar kuɗi ke fitowa. Neman a yi magana a rubuce, ta adireshin ofis, yana takura su.

Alamar farko ita ce ƙin ba da imel, a dage sai dai WhatsApp ko Telegram. Ta biyu ita ce adireshin kansa. A duba abin da ke bayan alamar @, a gwada shi harafi da harafi da adireshin shafin ma'aikatar na gaskiya. Babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa ba ta ɗaukar ma'aikata ta adireshin `@gmail.com`, kuma 'yan damfara sukan sayi suna mai kama da na gaske, su ƙara harafi ɗaya ko karan ɗori. Ƙananan kamfanoni na gida wasu lokuta suna amfani da adireshin kyauta, don haka wannan kaɗai ba hujja ba ce a kansu, dalili ne na ƙara bincike: a duba ko gurbin yana shafin ma'aikatar, a kira lambar ofishin da ke shafin, ba wadda mai kiran ya bayar ba.

Alama ta uku ba ta buƙatar bincike. Duk amsar da ta ce mataki na gaba shi ne biyan kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya a wani asusu, ta gama bayyana kanta. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna rubutawa a tallace-tallacensu cewa ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997 kuma Najeriya ta rattaba mata hannu a 2023, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin dillancin ma'aikata ba za su caji ma'aikaci kuɗi ba, kai tsaye ko a fakaice. Dokar ƙwadago ta Najeriya kuma ta tanadi cewa irin waɗannan kamfanoni su kasance da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, saboda haka tambayar kamfani ko yana da lasisi ba cin fuska ba ce.

Haka batun bayanan sirri. Bayan tantancewa ta waya babu dalilin neman lambar BVN, ko bayanan katin banki, ko lambar sirrin da banki ke turowa ta tes. Lambar asusun da za a biya albashi ma sai bayan an ba da takardar ɗauka ake buƙatarta. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin sanin dalilin da ya sa ake karɓar bayanansa, da haƙƙin neman a goge su a wasu halaye. Wanda aka nemi ya aiko da wani abu da bai gane amfaninsa ba yana da damar tambaya a rubuce: me za a yi da shi, kuma wa zai riƙe shi? Ma'aikata ta gaskiya tana da amsa.

Iyakar abin da saƙon zai iya

Saƙon bibiya ba ya sauya hukuncin da aka riga aka yanke, kuma ba ya mayar da wanda bai cika sharuɗɗa ba ya zama ya cika. Ba shi da tasiri sosai a ɗaukar aikin gwamnati da ake yi ta shafin intanet, inda dubban mutane ke nema kuma babu jami'i guda da aka ɗora wa alhakin mai nema. Ba ya kuma maganin gurbin da aka riga aka ba ɗan wani kafin a tallata shi. Binciken da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya gudanar a 2023 kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya ya nuna cewa wannan matsala ta fi ƙarfin ladabin wasiƙa.

Abin da saƙon ke bayarwa shi ne sani: ko rana, ko tabbacin an rufe, ko shaidar cewa mai kiran ba na gaskiya ba ne. Yana kuma barin rubutacciyar hujja idan daga baya aka yi musun abin da aka faɗa. Shi ya sa bai kamata a dakatar da neman wasu ayyuka ba har sai takardar ɗauka ta shigo hannu.

A tantancewa ta gaba kuwa, ana iya rage buƙatar wannan duka da tambayoyi uku a minti na ƙarshe, lokacin da jami'in ya ce ko kana da tambaya. Mene ne mataki na gaba? Yaushe kuke sa ran yanke hukunci a kansa? Idan ban ji komai ba zuwa lokacin, ta wane adireshi zan tuntuɓe ku? A rubuta amsoshin a takarda kafin a kashe waya.